Jawabin bankwana ga malamin da zai yi ritaya, cikin minti 4

Tambaya: "Ni malama ce a wata makarantar firamare nan Zinder. Dattijon malaminmu zai yi ritaya bayan shekara 33 yana koyarwa, an ce ni zan yi magana a madadin malamai, kada in wuce minti 4. Labari biyu gare ni: ranar da tsohon babur ɗinsa ya mutu a gaban sufeto, da ranar da aji ya gagare ni a satina na farko, ya shigo ya zauna a baya cikin yara. Wanne zan ɗauka, kuma yaya zan tsara maganar ta fito daga zuci?"

Malama, ki ɗauki na biyu, ki bar babur ɗin ya huta. Wancan labari ne na hirar malamai a gindin bishiya, ko bayan an tashi ana shan lemo. A wurin taro kuwa iyalinsa za su zo, wataƙila har da surukai da jikoki, ga yaran da yake koyarwa zaune a gaba. Dariyar da kuke yi da shi saboda sabo, in ta fito ta lasifika daga bakin wadda ya isa ya haifa, raini za a ji. In akwai tsaransa a wurin, ko wanda ke da wasa tsakaninsu, shi ya ba da labarin babur, kowa ya dara ba wanda zai ji komai. Ko ba wannan ma, labarin bai nuna halin Malam ba, abin da ya nuna kawai shi ne albashin malami ba ya sayen sabon babur, wannan kuma kowa ya sani.

Na biyun yana da abin da ake nema. Da idonki kika gani, ba ji kika yi ba. Wadda ta gaza a cikinsa ke ce, saboda haka ba ki tona asirin kowa ba sai naki, naki kuwa ya wuce. Sannan Malam aiki ya yi a ciki, wanda mai sauraro zai iya hangowa: dattijo zaune a kan tabarma tsakiyar ƴan aji ɗaya. In kika ba da wannan yadda ya kamata, ba sai kin ce Malam mai tawali'u ne ba, ba sai kin ce mai haƙuri ne ba. Jama'a za su faɗa da kansu, za ki ji ana "Allah sarki" daga bayan rumfa, wannan kuma ya fi yabon da za ki jera masa nauyi.

Da yawa sukan kauce wa labarin kansu don kunya, su ɗauko na wani alheri da mutumin ya yi a ɓoye: ya biya wa wani maraya kuɗin takardu, ko ya ranta wa wani malami kuɗi lokacin da matarsa ke kwance a asibiti. Wannan akwai haɗari. Damagaram ba ta da girman da za a ce "wani malami" a kasa gane ko wane ne, kuma wanda ya yi abu don Allah ba lalle ya so a faɗa ta lasifika ba. In wani cikinku zai taɓo irin wannan, ya fara neman izinin mutum biyu, wanda ya bayar da wanda aka bai wa.

Sai lissafin lokaci, don a nan ne yawanci ake faɗuwa. Minti 4 daƙiƙa 240 ne, amma kada ki shirya jawabin da zai cinye su duka. Ki nufi minti 3 da rabi, ragowar na amsa sallama ne, da "amin", da ɗan shirun da za ki yi in murya ta sarƙe. Mai magana a natse gaban jama'a yakan furta kamar kalma 2 a daƙiƙa ɗaya, don haka kalmomi 400 zuwa 420 sun ishe ki, abin da bai wuce shafi biyu na littafin rubutu ba. Ni haka nake rabawa: gaisuwa daƙiƙa 25, tarihinsa 35, labarin 90, maganar da za ki juya ki yi masa kai tsaye 30, yafiya da addu'a 30. Kin ga labarin shi kaɗai ya ɗauki kusan rabi, haka kuma ya kamata.

Gaisuwa ce babbar ɓarauniyar lokaci a tarukanmu. Malami zai buɗe taro da addu'a, mai gabatarwa zai jero manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, sannan kowane mai jawabi ya tashi ya sake jero su daga farko. Na ga wanda ya ci minti 2 cur a kan gaisuwa, da ya iso kan mutumin da aka taru dominsa sai ga mai gabatarwa tsaye a gefensa yana duba agogo. Amma kuma ba za ki tsallake ta ba, a nan wanda bai gaida manya ba, sauran maganarsa ba a ji. Mafita ita ce ki samu mai gabatarwa kafin a zauna, ki tambaye shi wa ya fi kowa girma a wurin da yadda ake kiran muƙaminsa. Ki ambaci mutum 2 ko 3 bisa jeri, in akwai wakilin Mai Martaba Sarkin Damagaram ko mai unguwa kada ki tsallake shi, sauran ki haɗa su a jimla ɗaya. Iyalin Malam kam ki ware su da gaisuwarsu, domin su ne aka fi mantawa, alhali su ne suka yi zaman jiransa duk ƙauyen da aka tura shi.

Ki yanke tun yanzu da wane harshe za ki yi. In kika ce za ki faɗa da Faransanci don sufeto sannan ki maimaita da Hausa don iyaye, minti 4 ɗinki sun koma 2. Shawarata ki yi da Hausa daga farko har ƙarshe. Jawabin hukuma na darakta ne da na sufeto, naki na abokan aiki ne, uwargidan Malam kuma ta cancanci ta ji kowace kalma.

Ramuka biyu ne a gefen wannan hanya. Na farko jawabin ya koma ta'aziyya. Yana faruwa ba tare da mai magana ya lura ba: "ya kasance mutumin kirki", "mun yi babban rashi", "ba za mu taɓa samun kamarsa ba", murya ta yi ƙasa, fuskoki su yi sanyi, mutumin kuwa ga shi zaune cikin babbar rigarsa da ransa da lafiyarsa. Bayan kin rubuta, ki karanta ki tambayi kanki ko akwai jimlar da za a iya faɗa a zaman makoki ba tare da an canza ta ba. In akwai, ki gyara. Ki ce "mutumin kirki ne", ki ambaci abin da zai yi gobe, gonarsa ko jikokinsa ko karatun da ya daɗe yana so ya zauna ya yi. Rami na biyu ya koma roƙo. Kirari da wasa kakanni sana'a ce mai masu ita, kuma a garin nan sun iya. In kika shiga jero "gwarzo, jarumi, bango abin jingina", jama'a za su ji kamar ana jiran a yi liƙi, shi kuma ya sunkuyar da kai don nauyi. Siffa ɗaya ta isa, ita ma bayan labari.

Wajen tarihinsa kada ki karanto jerin makarantu da shekaru, wannan darakta zai yi daga takarda. Ki ɗauki abu ɗaya da zai sa a ji tsawon shekarun. Wanda ya yi shekara 33 ya fara ne a farkon shekarun 1990, ke nan yana cikin aji lokacin da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, yana ciki shekarun da albashi ke yin watanni bai fito ba. Jimla ɗaya a kan wannan za ta sa tsofaffin malamai su gyaɗa kai. Amma jimla ɗaya, kuma ba tare da ɗora wa kowa laifi ba, don in kika zarce sai taron ya zama na ƙungiyar ƙwadago, sufeto ya fara gyara zama. Wurin da ya fara aiki da shekarar kuma kada ki yi zato, ki tambayi darakta ko shi Malam ɗin. Ba abin da ke kashe jawabi kamar ki ce Tanut ya ɗago hannu ya ce Gure.

Ga yadda zan rubuta shi da ni ce ke. Abin da ban gani ba na cike da zato, ki cire nawa ki sa abin da ya faru, ko da naki bai kai nawa daɗin ji ba.

"Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe wakilin Mai Martaba, Malam sufeto, Malam darakta, iyayenmu maza da mata, abokan aiki, yara manyan gobe, barkanku da zuwa. Hajiya uwargida da iyalin Malam, sannunku, mun gode da aron da kuka ba mu shekara da shekaru.

"Abokan aikina ne suka tsayar da ni, ba don na fi su sanin Malam ba. Shekara 33 ke nan yana riƙe da alli. Ya fara a wani ƙauye can ƙasar Magarya, ya koyar a shekarun da albashi ke yin watanni bai zo ba, bai rufe aji ba. Wasu daga iyayen da ke zaune nan, shi ya koya musu riƙon alƙalami, yau ga ƴaƴansu a hannunsa.

"Abu ɗaya zan faɗa, wanda ya faru da ni. Shekarar da aka turo ni nan ina ƴar kwantiragi, aka ba ni aji ɗaya a rumfar zana, can bayan fanfo. Yara sun fi 70. Ranar Laraba ta satin farko, wannan na kuka, wancan ya ƙwace allon wani, biyu sun fice ta ƙarƙashin zana. Na yi ta ɗaga murya har ta dushe. A raina na ce gobe ba zan dawo ba. Sai na ga an ɗaga zanar ƙofa, Malam ne. Na ce shi ke nan, zai karɓi ajin, yara su gane ban iya ba. Bai ce mini komai ba. Ya cire takalmi, ya wuce baya, ya zauna a tabarma tsakanin yara, ya harɗe hannu. Ajin ya yi tsit. Can ya ɗaga yatsa ya ce: 'Madam, ban gane ba, a sake mana.' Na sake. Ya maimaita bayana, yara suka bi shi. Da aka tashi, abin da ya ce mini kawai: 'Ki bar ihu, ki koyi sunayensu. Yaro ba ya guje wa wanda ya san sunansa.' Sati guda yana zuwa da safe muna bin rajista tare. Har yau bai taɓa tuna mini ba, ban kuma ji a bakin kowa ba.

"Malam, ranar nan da kun karɓi allin daga hannuna, da yau ba na cikin aikin nan. Kun rufa mini asiri, kun koya mini aiki, ba ku sa na ji kunya ba. Kowane malami a nan yana da irin nasa labarin, ni ce kawai aka bai wa lasifika. Duk sabon malamin da aka turo, mun ɗauki alkawari za mu yi masa yadda kuka yi mana.

"Zama tare ba ya rasa saɓani. Abin da muka yi muku, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba, ku yafe mana. Mu ba mu riƙe ku da komai ba. Allah ya ba ku lafiyar cin gajiyar hutun nan. Allah ya shirya muku zuri'a. Allah ya sa abin da kuka koyar ya zama sadaka mai gudana. Ƙofar makaranta a buɗe take, tabarmar baya ma tana nan. Wassalamu alaikum."

Ki lura da abin da labarin ya ɗauka da abin da ya bari. Bai faɗi wane darasi ake yi ba, bai faɗi yadda kika samu aikin ba, bai faɗi abin da darakta na lokacin ya ce ba. Ya ajiye abubuwa kaɗan da ido ke gani, rumfar zana, takalmin da aka cire, yatsan da aka ɗaga. Wurin da ya fi muhimmanci shi ne inda kika yi zaton zai karɓi ajin. In kika cire wannan jimlar, jama'a ba za su gane girman abin da ya yi ba, domin alherinsa yana cikin abin da ya ƙi yi ne. Kowane tsohon malami zai iya shigowa ya daka tsawa yara su nutsu, amma daga ranar ajin ya fita daga hannunki. Shi ya zaɓi ya mayar da kansa ɗalibi don yara su ga ke ce malama. Kada ki tsaya yi wa jama'a wannan bayanin a cikin jawabi, ni ce nake yi miki don ki san inda za ki rage sauri.

Maganar da kika sa a bakinsa ta zama tasa ce. In ba ki tuna kalmominsa daidai ba, ki ce "ya ce mini in koyi sunayensu", kada ki ƙera masa zance mai daɗi. Abokan aikinsa sun san yadda yake magana, in suka ji abin da bai yi kama da shi ba za su kalli juna. In kuma yana da wata kalma da aka san shi da ita, wadda yara ke kwaikwayo in ya juya baya, ita za ki sa, nan ne za a yi dariyar da ba ta da raini. Yawan yaran ma haka, in ba ki tabbata ba ki ce "aji cike maƙil".

Sai wurin juyawa. Daga farko har ƙarshen labari jama'a kike kallo, kina cewa "shi". Da kin iso "Malam, ranar nan", ki juya jikinki gaba ɗaya wajensa, ki koma "ku". Ba sai kin zuba masa ido ba, wannan ba tarbiyyarmu ba ce, juyawar ta wadatar. Sunansa kuma yadda kuke kiransa kullum, Malam ko Mushe ko Baba, haka za ki kira shi. Cikakken sunansa na takardar yabo ne.

Addu'a 3 na sa da gangan. Kowace tana jiran amin, in kika jero 10 kin ci rabin minti, kuma akwai malamin da zai rufe taro, kada ki shiga gonarsa. Neman yafiya kuwa ba a barinsa, amma a dunƙule. In akwai wani saɓani na gaske da ya taɓa shiga tsakaninsa da wani cikinku, ko alamarsa kada ta fito. Wannan a gida ake zuwa a kashe shi kafin ranar.

Ki gwada a tsaye, da murya a sama, agogon salula a gabanki. Karatun zuci yana ruɗi, zai nuna miki minti 2 da rabi a abin da zai ci 4. Ki sa wani a gida ya riƙa amsa sallama da amin don ki ji tsawonsu na gaske. In ya wuce minti 3 da daƙiƙa 40, ki rage daga tarihi, kada ki ƙara sauri. Gaisuwa da tarihi ki riƙe su a takarda don kada ki yi tuntuɓe a muƙamin wani. Labarin kam kada ki karanta. Ke ya faru da ke, ki rubuta kalmomi kaɗan na tuni da manyan baƙaƙe, zana, takalmi, yatsa, sunaye, ki ɗago kai ki faɗa kamar yadda za ki gaya wa yayarki. Ki sa takardar a kan kwali mai kauri, don iska ba ta raga wa falle ɗaya a filin makaranta, kuma rawar hannu ba ta cika nunawa a kwali ba.

Kuka yana iya zuwa, galibi daidai wurin juyawa. Kada ki ba da haƙuri, kada ki yi bayani. Ki tsaya, ki sauke ido kan takarda, ki ja numfashi, ki ci gaba daga jimla ta gaba. Shi ya sa jimlolin wurin suke gajeru, doguwa ba ta fita daga maƙogwaron da ya sarƙe. In ya ƙi tsayawa, ki tsallaka zuwa yafiya da addu'a, amin ɗin jama'a zai ɗauke ki.

Irin wannan taro yawanci bayan la'asar ake sa shi, baƙi su makara, manya su zarce lokacinsu, magariba ta matso. Mai yiwuwa ne mai gabatarwa ya raɗa miki cewa minti 2 kawai suka rage. Ki shirya wa wannan tun daga gida, ki ja layi da jan biro a gefen abin da zai tafi. Gaisuwa ta koma sallama da "manyan baƙi, iyalin Malam, jama'a, barkanku". Tarihi ya fita gaba ɗaya, darakta ya riga ya faɗa. A cikin labarin ki cire kukan yara da satin rajista, ki fara daga "aji ya gagare ni, sai na ga an ɗaga zana". Daga maganar da za ki yi masa ki riƙe jimla biyu na farko kawai, sai yafiya, sai addu'a ɗaya. Wannan gajeren ma ki gwada shi da agogo kafin ranar.